Kalmar da ta yi kasada da wadda ta tsaya a inuwa

Malaman Hausa na wasu makarantun sakandare a Katsina sun zauna kan yadda ake auna kalmomin ɗalibi a insha'in jarrabawa irin ta WAEC da NECO. Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne takardu biyu kan gobarar kasuwa.

Ɗalibi na farko ya rubuta: "Wuta ta ci shaguna da yawa, mutane sun ji baƙin ciki." Babu kuskure, amma "da yawa" ta fito sau shida a shafi guda. Na biyu ya ce: "Wutar ta lashe shaguna ƙurmus, 'yan kasuwa suka yi ta alfahari." Alhini yake nufi. "Lashe" da "ƙurmus" sun zauna daram, "alfahari" kuwa ta juya ma'anar gaba ɗaya.

Shawarar da aka fi yarda da ita: a auna yalwar kalmomi daban, dacewarsu daban. Na farko ya ci makin dacewa, ya yi ƙasa a yalwa. Na biyu a ba shi yalwarsa, a cire masa na kalma ɗayar nan kawai.

Wata malama ta kawo ma'aunin da ya fi kwanta mini a rai: ka rufe sauran jimlolin ka karanta wannan ita kaɗai. In saƙon ya isa duk da tuntuɓen, kuskuren ƙarami ne. In sai ka yi wa yaro canke, babba ne.

An kuma ja kunne kan karin maganar da aka haddace aka liƙa a inda ba ta da gurbi. Wannan ba ta shiga lissafin yalwa.