Gabatarwa ba takarda a hannu, ya ake riƙe ta?

Rukayya: Salam 'yan uwa dan Allah ina neman shawara. Jibi zan kare furojet ɗina kuma an ce gabatarwar farko ta minti 2 ba a yarda a duba takarda ba. Na haddace ta tsaf amma jiya da na gwada a gaban ƙanwata kalma ɗaya ta ɓace min a tsakiya shikenan komai ya tafi, sai da na koma tun daga sallama

Sadiq: Ki ta maimaitawa kawai, sau 30 ko 40 zai zauna

Malam Habu: Maimaitawar ce ma ta kai ta nan Sadiq. Haddar kalma bayan kalma kamar sarƙa take, kowace kalma ita ke janyo ta gabanta, zobe ɗaya ya tsinke sauran sun zube. Rukayya bar rubutun tukuna, faɗa min abu nawa kike son cewa a minti biyun nan?

Rukayya: Malam akan batirin sola ne da ke saurin mutuwa. Zan fara da ƙorafin masu amfani da shi, sai dalilai biyu wato zafi da kuma zuƙe cajin har ƙasa, sai yadda na auna batiran, ƙarshe in ce bayanina kashi 3 ne

Malam Habu: To kin ga abu 4 ne kacal, su za ki riƙe ba kalma ɗari biyu da wani abu ba. Ɗauki gidan da kika sani ko a duhu ki ajiye kowanne a wuri ɗaya bisa yadda kike shiga. A bakin ƙofa ga batir a kwance an kewaye shi ana mita, ƙorafi kenan. Kin shiga falo ga wani batirin a kan kujera yana zufa sharkaf kuma an sa masa tsinke ana zuƙe shi kamar lemo, dalilanki biyu a hoto ɗaya. A kicin mitarki ta awo ce a kan murhu maimakon tukunya. Ƙofar ɗaki makulli 3 a rataye. Iya abin dariyar hoton iya zamansa a kai. Kina magana kina tafiya a zuci, in kin iso wuri ki faɗi abin da kika gani da duk kalmar da ta zo bakinki. Tsohuwar dabara ce, masu jawabi a Rum ta dā irin su Cicero sun san ta

Ummi: Ni ma ina da intabiyu ranar Litinin, in an ce gabatar da kanki daga suna ake farawa ko daga makaranta?

Sadiq: Ummi ba wannan gabatarwar ake nufi ba 😂

Anti Bilki: Ku ƙyale ta, ita ma zai mata aiki. Amma Malam ni na taɓa yin wannan a wajen aiki kuma ya ba ni kunya wlh, hotunan na nan ina ganinsu ƙuru-ƙuru amma na gama na falo na tsaya ina eh eh ban san da me zan shiga na gaba ba, shirun nan ji na yi kamar shekara

Malam Habu: Nan ne aka fi faɗuwa Anti, tsakanin ɗaki da ɗaki. Kowace ƙofa a tanadar mata gajeriyar jimla. Misali daga falo zuwa kicin ta ce "to ta yaya na tabbatar waɗannan ne dalilan?" tambayar da kanta ta tura ta wajen awo. Irin wannan guda 3 kawai take buƙata. Kuma in kina son sanin ko ya zauna ki yi tafiyar da baya, daga makullai zuwa bakin ƙofa, ko ƙanwarki ta ce "kicin" ki fara daga nan. In kin kasa to har yanzu sarƙar kike ja

Sadiq: Amma dai jimlar farko sai an haddace ta yadda take, lokacin ne gaba ke faɗuwa

Malam Habu: Wannan ka yi gaskiya, ta farko da ta ƙarshe. Haka lamba da sunan mutum, hoto zai tuna miki cewa akwai lamba a nan amma ba zai ce miki 12 ce ko 24 ba, su a haddace daban

Anti Bilki: Ni fa ban yarda da haddace ta farkon ba, murya na canjawa kowa ya gane karatu kake kawowa

Rukayya: Na gwada yanzu sau 2 ban tsaya ba! Sai dai ya kai minti 3, a falo nake zarcewa da surutu

Malam Habu: Ki yanka wa kowane ɗaki jimla 2 ko 3, wajen daƙiƙa 30, ki gwada da agogo a tsaye kuma da murya ba a zuci ba

Rukayya: Toh Malam na gode Allah ya saka. Sauran bayanin fa, in zuba shi a gidan nan ko hotunan za su cakuɗe?

Anti Bilki: Nawa sun cakuɗe kam, nemi wani gidan