NVDA na haɗa hagu da dama a rahotonmu na PDF: ta ina zan fara gyara?

Mai Tambaya: Salamu alaikum jama'a. Rahoton ƙungiyarmu ne, shafi 24, rubutun a ginshiƙi biyu, da akwatin sanarwa a tsakiyar wasu shafukan, da hotuna tara. Na buɗe shi a Acrobat Pro na danna `Autotag Document`, binciken da Acrobat ke yi wa fayil ɗin ya ba ni koren maki kusan ko'ina. Amma 'yar'uwarmu mai lalurar gani ta ce NVDA, manhajar da ke karanta mata abin da ke kan allo da murya, na karanta sakin layi ɗaya daga hagu ya tsallaka dama, kuma in ta danna `H` don tsalle daga kai zuwa kai, kanu biyu kawai take samu a duk rahoton. Waɗanda suka taɓa irin wannan aiki, me kuka gani?

Na Ɗab'i: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ina fayil ɗin Word ɗin da aka fitar da shi? In yana nan, can za ka gyara. Ka sa wa kanun `Heading 1` da `Heading 2` na gaskiya, ba a ƙara wa harafi kauri da girma kawai ba, sannan ka fitar ta `Save As` da alama a kan `Document structure tags for accessibility`. Wanda ya bi ta `Microsoft Print to PDF` ya zubar da tsarin gaba ɗaya.

Mai Tambaya: Wanda ya tsara shi ya ce na asalin ya ɓata, PDF ɗin kaɗai ya rage.

Ɗan Kanti: To abu mai sauƙi ne. Buɗe `Order`, za ka ga lambobi a kan kowane yanki na shafin. Ja su har su jeru 1, 2, 3 daga saman hagu zuwa ƙasa, sannan dama. Ni haka nake yi.

Yaya Babba: Ɗan Kanti, ka kama wani ɓangare, amma nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Jeri biyu ne a cikin PDF. Na `Order` yana bin yadda aka ɗora abubuwa a kan shafi, wanne a ƙasa wanne a sama. NVDA da takwararta JAWS kuwa jerin `Tags`, wato alamomin da ke nuna wanne ne kai wanne ne sakin layi, suke bi, daga sama zuwa ƙasa. Lambobinka na iya jeruwa tsaf alhali `Tags` a hargitse yake. Akwai kuma haɗari: in ka ja akwatin sanarwa mai launi a `Order`, sau da yawa launin yakan hau kan rubutun ya rufe shi, sai ka ga akwati fayau ba ko harafi. Saboda haka a ajiye kwafi kafin a taɓa komai, a riƙa adanawa bayan kowane shafi.

Ga yadda nake bi da shafi irin naka. Buɗe `Tags`, kunna `Highlight Content`, danna alamar farko ta shafin, sai ka riƙa sauka da kibiyar ƙasa kana kallon inda haske yake faɗawa a shafin. Abin da idonka ya gani yana tsalle, shi kunnen 'yar'uwarku yake ji. Duk `<P>` na ginshiƙin dama da ya kutso cikin na hagu, ja shi ƙasa har bayan sakin layin ƙarshe na hagu. Akwatin sanarwa kada ya raba jimla biyu. Kai shi ƙarshen sashen da yake magana a kai. Sunan rahoton da ke maimaituwa a saman kowane shafi da layukan ado kuwa, a mai da su `Artifact`, wato abin da manhajar karatu ke tsallakewa, in ba haka ba za ta ji sunan sau 24.

Mafi muni shi ne in `<P>` ɗaya ya haɗiye rubutu daga ginshiƙan biyu. Wannan ja ba ya gyara shi. Sai ka ɗauki `Reading Order`, ka zana akwati a kan na hagu kaɗai ka danna `Text/Paragraph`, ka maimaita wa na dama, sannan ka koma `Tags` ka duba inda sababbin suka sauka, domin ba kullum suke zama inda kake zato ba.

Mai Sauraro: Ni da NVDA nake karatu kullum, bari in faɗi abin da ya fi damuna, wato kanu. Ba na fara rahoto daga shafin farko. `NVDA+F7` nake dannawa in duba jerin kanun, ko in bi da `H`, ko `2` in ina son manyan sassa kawai. In babu su, shafi 24 ya zama mini dogon zance ɗaya. In kuma aka tashi daga `<H1>` aka dira `<H4>` don harafin ƙarami ne, sai in ɗauka na tsallake wani sashe, in koma baya ina nema. Matsayin kai a cikin magana ake dubawa, ba girmansa a ido ba. Irin wannan nake so in tarar:

```
<H1> Rahoton shekara
  <H2> Kuɗin shiga
    <H3> Gudummawar mambobi
  <H2> Ayyuka
```

Yaya Babba: Gyaransa ba wuya: danna dama a kan `<P>` ɗin, `Properties`, canza `Type`. A kuma duba akasin haka, don `Autotag` yakan ɗauki jimla mai kauri a tsakiyar rubutu ya mai da ita kai.

Baƙon Zaure: Ni dai `Read Out Loud` nake kunnawa a Acrobat, yana karanta min komai lafiya. Ba shi ke nan ba?

Mai Sauraro: A'a Malam. Wannan karatu yake zubawa kawai, ba ya gaya maka nan kai ne, nan jeri ne, ba ka kuma iya tsalle da shi. NVDA kyauta ne, sauke shi ka gwada da kunnenka.

Anti Malama: Ni hotunan zan taɓa. Cikin taran nan, fara ware na ado, su ma `Artifact` ne, ba sa buƙatar bayani. Sauran, danna dama a kan `<Figure>`, `Properties`, ka rubuta a `Alternate Text`. Kada a fara da "hoton", manhajar ta riga ta sanar cewa hoto ne. Kada kuma a kwafo rubutun da ke ƙarƙashin hoton, za a ji shi sau biyu. Zanen ƙididdiga ne ke ba da wahala. "Zanen kuɗin shiga" bai faɗi komai ba. A ce "Gudummawar wata-wata: ta fi yawa a Maris, ta yi ƙasa sosai a Agusta, ta farfaɗo a Nuwamba." Jimla ɗaya ko biyu sun isa.

Mai Sauraro: Anti, a nan na ɗan saɓa miki. Mai ido yana ganin adadin kowane wata, ni an ba ni uku. Ina son sauran.

Anti Malama: Da gaskiyarki. Sai dai in an cusa lambobi 12 a bayanin hoto, a dunƙule za su zo miki, da wuya ki bi su ɗaya-ɗaya. Gara a sa su a tebur cikin rubutun. Matsalar Mai Tambaya ita ce ba shi da na asali, ƙara tebur a PDF kuwa aiki ne. Ni dai ban yarda a tsawaita ba.

Na Ɗab'i: Tunda rahoton da Hausa ne, kwafi kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ ka manna a Notepad. In ta fito da wata alama daban, an yi amfani da tsohon samfurin haruffa da aka lanƙwasa wa wani harafi ƙugiya, manhajar kuma abin da ke ƙasa take karantawa. Gyaran `Tags` ba ya warkar da wannan.

Game da koren makin nan, duba da kyau: `Logical Reading Order` kullum `Needs manual check` yake cewa, don Acrobat ba ya iya sanin ko jerin na da ma'ana. Bayanin hoto ma, ko "aaa" ka rubuta zai wuce. Buɗe fayil ɗin a PAC, manhajar binciken PDF, shi ma kyauta ne a Windows, ka duba `Screen reader preview`.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. Na bi shafi 1 zuwa 6 da kibiya, na tarar da `<P>` huɗu da suka haɗiye ginshiƙan biyu, na raba su. ƙ da ɗ sun fito daidai a Notepad. Na tura wa 'yar'uwar tamu shafukan shida ta saurara kafin in ci gaba. Zanen shafi 11 ne ban yanke shawara a kansa ba tukuna.