Me za mu kira akselareshan? "Ƙarin gudu" yana rikita ɗalibai

Malamar Sakandare: Assalamu alaikum. Ina koyar da motsin ɗigo ɗaya a jikin igiyar da ake kaɗawa sama da ƙasa. Displesment na kira shi "gocewa", belositi "gudu". A akselareshan na tsaya. Idan na ce "ƙarin gudu", sai ɗalibai su ɗauka ya fi yawa a inda ɗigon ya fi gudu.

Ɗan Poli: Wa alaikumus salam, Malama. Ai ƙarin gudu ne. Ki ja igiyar ta yi tauri, za ki ga tudun ya fi saurin isa ɗaya bakin.

Tsohon Lakcara: Ɗana, gudun tudun kake faɗa, shi ne ya dogara da taurin igiya da nauyinta. Malama tana maganar ɗigo ne. Ɗaura jan zare a igiyar: tudu zai wuce, zaren bai bi shi ba, hawa da sauka kawai yake yi.

Mu ce gocewarsa y = A sin(ωt), inda A ita ce iyakar gocewar, ω saurin zagayen, t kuma lokaci. Gudunsa v = Aω cos(ωt), sannan akselareshan ɗinsa a = −ω²y. Idan zaren yana gocewa santimita 2, yana zagaye 5 a daƙiƙa, ω kusan 31.4 ke nan. A tsakiya gudunsa ya kai ƙarshe, kusan 0.63 m/s, amma akselareshan sifili ne tunda y sifili ne. Bayan daƙiƙa 0.05 ya isa ƙololuwa ya tsaya cak. A nan ne a ya fi girma, kusan 19.7 m/s², yana kallon ƙasa. Duk tsawon hawan nan gudu raguwa yake yi, to ina ƙarin? Ni "sauyin gudu" nake so.

Mai Fassara: Na yarda, Malam, amma sauyi kaɗai bai faɗi lokaci ba. Sauyin 0.63 cikin awa guda ai ba ɗaya yake da na cikin daƙiƙa 0.05 ba. "Saurin sauyin gudu" ya fi cika. Wasu suna cewa "hanzari".

Tsohon Lakcara: Gaskiyarki, ƙanwata. Hanzari kam a'a, duk mai jin sa sauri zai fahimta, mu koma gidan jiya.

Malamar Sakandare: Na ɗauki "saurin sauyin gudu", ko da ya yi tsawo. Saura fez, wato inda motsi ya kai a cikin zagayensa. Zan iya cewa gudu yana gaban gocewa da rubu'in zagaye, saurin sauyin gudu kuma da rabin zagaye?

Tsohon Lakcara: Daidai, π/2 da π. Shi ya sa idan gocewa tana sama, a yana ƙasa. Fez ɗin kansa ni "zango" nake ce masa.

Mai Fassara: Zango wurin yada kaya ne, Malam, ɗigon kuwa ba ya hutawa a tsakiya. Ina ganin "mataki" ya fi.

Malamar Sakandare: Mataki kuma kamar tsalle-tsalle ake yi, alhali ωt a jere yake tafiya. Bari in gwada duka biyun a aji.