Dashen tumatir ya ƙone bayan na fitar da shi daga rumfa

Mai tambaya, daga Bunkure: Assalamu alaikum. Na reni irin tumatir mako 4 a ƙarƙashin rumfar zana, ya yi kore shar. Na dasa bedi ɗaya a fadama ranar Asabar da hantsi, kafin Litinin ganyen ya yi fari kamar takarda, fiye da rabi ya kwanta. Saura bedi biyu. Me zan yi kafin in dasa su?

Dattijo mai noman rani, Kadawa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar da alheri. Ganyen da ya tashi a inuwa fatarsa ba ta da kauri, shi ya sa rana da iskar hunturu suke zuƙe ruwansa da sauri, alhali saiwar da aka tumɓuke ba ta kama ƙasa ba balle ta mayar masa. Ka ba sauran kwana 7 zuwa 10 su saba da sarari. A kwana biyun farko ka yaye zanar daga fitowar rana zuwa ƙarfe 10, sannan ka mayar. Daga nan ka riƙa ƙara awa ɗaya ko biyu kullum, ka haɗa da ranar la'asar, ka bar ta tsaka sai a ƙarshe. Kwana ukun ƙarshe su wuni su kwana ba rumfa. Kada ka zuba yuriya a wannan tsakanin, domin sabon toho mai laushi za ta fito da shi. Za ka gane sun ƙosa idan karan ya yi kauri, ka shafa da tafin hannu ya lanƙwasa ya miƙe.

Manomi daga Gashuwa: Malam, mu ruwa muke yankewa gaba ɗaya har mako guda, iri ya ji wuya tun yana bedi.

Dattijon Kadawa: Ƙasarku tana riƙe laima ke nan, ɗan'uwa. A jigawa wannan kisa ne. Ragewa ake yi: mai ban ruwa safe da yamma ya koma safe kaɗai. Yaushin azahar da ke warwarewa kafin magariba ba komai ba ne, amma idan ka tarar da su a yaushe da asuba, an wuce gona da iri. Ranar dashe kuma a jiƙa bedin sosai da safe, a cire da ƙasa a jikin saiwa, a dasa bayan la'asar, a bi da ruwa nan take.

Wata mai lambu, Zariya: Nawa ma sun kwanta bara, gindin ya tsuke ya ruɓe tun suna bedi. Ba magani ya kamata ya fesa ba?

Dattijon Kadawa: Hajiya, naki ciwo ne na yawan laima da cunkoso. Nasa ƙunar rana ce, feshi ba zai yi mata komai ba.

Mai tambaya: Na gode, Baba. Waɗanda suka ƙone fa, in tuge su?

Dattijon Kadawa: Duba kan tsiron. Idan ƙaramin ganyen tsakiya kore ne, ka kafa masa ɗan reshe mai ganye ta ɓangaren yamma ya yi masa inuwa, ka jira kwana 5.

Manomin Gashuwa: Ni dai da zan maye gurbinsu, domin wanda ya farfaɗo a baya yake zuwa wajen fure.