"Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi": da ni Bappa yake, ko da yaron?

Maman Hanifa, Jekadafari: Jama'a ku raba ni da wannan. Ranar Juma'a yayan maigidana ya zo, ya tambayi babban yarona, ɗan shekara 16, yaya sabon malaminsu na lissafi. Yaro ya washe baki ya ce, "Kai Bappa, ai shege ne, ƙwaro ne, ya mugun iya koyarwa." Bappa ya ajiye kofin shayi, ya dube ni ya ce, "To, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Ni ban taɓa cewa shege a gidana ba. Karin maganar nan ta hau kaina kuwa?

Na Wunti: Maman Hanifa, da ke yake, kada ma ki wahalar da kanki. Idan babba ya jefa wannan karin magana alhali uwa tana zaune, ba tsuntsun yake jifa ba, sheƙar yake nufi. Amma a fahimtata ba ta zagi ba ce tun asali. Ana faɗarta idan aka ga ɗan maƙeri ya iya riƙon guduma, ko ɗan malami ya tashi da son karatu. 'Yar'uwar "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe" ce. Bappanku ne ya juya ta ta zama bulala.

Adda Jummai, Herwagana: A'a Na Wunti, ba ɗaya ba ne. Ta barewa yabo ce kusan kullum. Ta tsuntsu kuwa baki biyu gare ta, kuma ni a bakin tsofaffinmu na fi jin ta wajen gori. Ka ji yaro yana ashar a layi, sai a ce kukan gidansu yake yi.

Ɗan Bolari: Ni dai matsalar duk Ingausa ce. Yaran yanzu jimla ɗaya rabi Hausa rabi Turanci. Su ce nomal, su ce sori, su ce ina kan lebul. Laifin makarantun kuɗi ne.

Adda Jummai: Ƙanena, koma ka sake karanta tambayar. Shege, ƙwaro, mugu, wanne ne Turanci a ciki?

Tsohon Malami, Kumo: Na koyar da Hausa a sakandare har na yi ritaya, kuma irin wannan ƙara ta sha zuwa ofishina, wani lokaci uba na riƙe da kunnen ɗa. Bari in fara da abin da yaron ya faɗa kafin in zo ga tsuntsu.

Kalmomi uku ya yi amfani da su, kuma duka ukun hanya ɗaya suka bi. Kalma ce ta abin ƙi, aka ɗauke ta aka sa ta aikin yabo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kalmar yabo tana tsufa kamar yadda wuƙa take dakushewa. Idan ka ce malami "ya iya sosai", babu wanda zai ɗaga kai, domin kowa haka yake cewa game da kowa. Mai son a ji zafin abin da yake ji sai ya nemo kalma mai kaifi, kuma mafi kaifin kalmomi a kowane harshe su ne na tsoro da na zagi. Daga nan "mugun kyau" ya fito, da "bala'in daɗi", da "masifar tsada". Yanzu ku faɗa mini gaskiya, a cikinmu nan wa bai taɓa cewa miya ta yi bala'in daɗi ba? Na tabbata shi kansa Bappan ya taɓa cewa wani ɗan kasuwa "azababben mai wayo ne" kuma ba tsine masa yake yi ba. Bambancin kawai shi ne, bala'i da masifa sun daɗe a wannan aikin har kunnensa ya daina jin asalinsu. Ƙwaro kuwa kunnensa bai saba ba, saboda haka abin da ya ji shi ne ƙwaron da ake takewa da takalmi. Yaro ya aika sabuwar ma'ana, dattijo ya karɓi tsohuwa. Yawancin rigimar da na sasanta haka take.

Sai tsuntsu. A nan nake ganin karin maganar ta gaza, ko in ce an ɗora mata kayan da ba nata ba. Yaro yana ɗaukar harshen gida har zuwa lokacin da ya fara fita. Daga shekara 12 ko 13 zuwa sama, bakin da yake kwaikwaya na abokai ne, na filin ƙwallo, na majalisa, yanzu kuma na waya. Kuna da hujja a cikin garin Gombe ma: gidaje nawa ne uwa da uba suke Fulatanci tsakaninsu, 'ya'ya suna amsawa da Hausa? Da kukan gida kaɗai ake yi, da hakan bai faru ba. In ana son karin maganar da ta dace da wannan yaro, "zama da maɗaukin kanwa" ta fi kusa.

Na Wunti: Malam, wato aku ne ke nan ba kurciya ba, kukan gidan wasu yake yi.

Almajirin Dukku: Malam, Allah ya ƙara sani, amma ban yarda a zuba shege a kwano ɗaya da ƙwaro ba. Ƙwaro wasa ne. Shege kuwa kalma ce da take taɓa uwar mutum, kuma a addini jifan mace da wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ko yaro bai nufa ba, bai kamata harshensa ya saba da ita ba. Malamin nan da ake yabo, in ya ji da kunnensa, murna zai yi?

Tsohon Malami: Wannan gaskiya ne, kuma na karɓa. Ban ce a bar shi ba. Abin da nake rarrabewa shi ne laifin da ya yi da laifin da ake tuhumarsa da shi. Bappa yana tuhumarsa da zagin malami, wannan bai yi ba. Laifinsa shi ne ya shigo da maganar majalisa gaban babba. Gyaran kowanne daban ne.

Maman Hanifa, ga yadda za ki gane ko akwai abin damuwa. Kada ki ƙirga kalmomin, ki saurari ko yana canja baki. Idan abokinsa ya kira shi a waya zai ce "ya ne, baba?" Wannan ba komai, ko da yake tsofaffi suna jin haushin yaro ya kira yaro baba. To idan ya ajiye wayar, kakarsa ta shigo, me yake cewa? In ya durƙusa ya ce "ina wuni, Goggo, ya ƙarfin jiki", to yaronki harshe biyu gare shi a cikin Hausa ɗaya, kuma ya san inda kowanne yake aiki. Ran Juma'ar nan zumuɗi ne ya kwashe shi ya manta a gaban wa yake. Wanda ake jin tsoro shi ne mai baki ɗaya tak, wanda zai ce wa liman "ya ne". Shi ba sara ce ta ɓata shi ba, ba a koya masa gaisuwa ba ne, kuma a kansa ne karin maganar Bappa take zama daram.

Ɗan Bolari: To amma Malam, ai irin maganar 'yan Kalare ce, 'yan daban Gombe. Abin da ya sa manya suke firgita ke nan.

Na Wunti: Mu ma a Bauchi da an ji yaro ya karkace murya sai a ce Sara-Suka ne. Akwai ƙamshin gaskiya, don wasu kalmomin daga can suke fitowa. Sai dai kalma ta fi mai ita saurin tafiya. Kafin shekara ta zagayo ka ji ta a bakin ɗan Islamiyya da bai taɓa riƙe ko wuƙar yanka albasa ba. Maƙwabcina ya taɓa hana ɗansa fita mako guda saboda ya ji ya ce wani "ya wanke shi" a cinikin waya. Shi uban ya ɗauka wata harkar banza ce, alhali yaron cewa yake an cuce shi.

Adda Jummai: Ni abin da yake ba ni dariya, mu da muke faɗa yanzu mun manta namu. Muna 'yan mata zaurance muke yi a gaban iyayenmu, mu juya gaɓa, kasuwa ta koma suwaka, gida ya koma dagi, don kada a gane inda za mu. Innarmu har muciya ta taɓa bi na da ita a kan haka, ta ce yaren aljanu ne. Yau ko a mafarki ba na yi. Aure da haihuwa suka kwashe shi, ba duka ba.

Kuma ku lura da ita mai tambayar. "Babban yarona" ta ce, ta ƙi faɗin sunansa, ta laƙaba wa kanta sunan ƙanwarsa. Alkunyar ɗan fari ke nan. 'Yata kuwa sunan nata ɗan farin take kira gatsau, har ta rungume shi a gabana. Wannan ya fi ƙwaro ɗaga mini hankali, amma na yi shiru.

Tsohon Malami: Adda ta taɓo abu mai muhimmanci. Yawancin sara tana mutuwa da ƙuruciyar masu ita, kaɗan ce take tsallakewa ta zama Hausar kowa. "Gaye" da "gayu" daga Turanci suka shigo, a da dattawa suna kallon ɗan gaye kamar ɗan iska, yau hajiya mai jikoki za ta ce amarya ta sha gayu. "Ya haɗu" da ma'anar ya yi kyau ma haka. Kuma su tsofaffin suna da tasu da yaro ba ya ganewa. An daina fam da sule tun da naira ta zo a 1973, amma har gobe akwai dattijon da zai ce jaka yana nufin naira 200, domin a da jaka fam 100 ce, fam ɗaya kuma ya koma naira 2. Ka aiki ɗan shekara 16 da "jaka biyar" ka ga ido. Mu kuma da muka yi samartaka bayan nan muka ce 'yar Murtala ga naira 20, muka ce wazobiya ga naira 50. Babu wanda ya kira wannan lalacewar harshe, don mu ne muka yi.

Almajirin Dukku: Duk na ji, amma 'yar Murtala ba ta zagi uwar kowa ba. Ina nan a kan bakata.

Maman Hanifa: Na gode muku. Na gwada abin da Malam ya ce ba tare da ya sani ba. Jiya goggon babansa ta zo, ya durƙusa har ƙasa, gaisuwa tiryan-tiryan. Na zaunar da shi da dare na ce shege kada in ƙara ji, a gida ko a waje. Ya ce to. Ƙwaro kuwa ya tsaya yana yi mini bayani wai lambar girma ce, ba kowane malami ake ba wa ba. Babansa ya ce gobe zai kai shi ya ba Bappa haƙuri. Ni dai ban san wanda zai je ya gaya wa Bappa cewa ba a sheƙata aka koyo ba, don ni ba zan iya buɗe baki a gabansa ba.

Na Wunti: Ki tura Adda Jummai, ta yi masa da zaurance.