Duk jimlar da ta fara da Hardly sai an juya ta?

Hadiza, Garwa: Salamu alaikum. Malaminmu na Turanci ya ce duk jimlar da ta fara da Never ko Hardly dole a juya ta. To ga "Hardly anyone passed the test" a takardar atisayenmu, ba a juya komai ba. Kuskuren bugu ne?

Sani: Kuskure ne mana. Doka ɗaya ce, kalmar taimako irin have, had ko will ta sha gaban mai aikin: "I have never seen such rain" ta koma "Never have I seen such rain". In babu irinsu a jimlar, sai a aro do, does ko did: "She never complained" ta zama "Never did she complain".

Malam Bello, Marwa: Misalanka daidai ne Sani, har ka tuna cire ed bayan did, inda yara da yawa ke zubar da maki. Amma jimlar Hadiza lafiyarta ƙalau. Ki duba abin da hardly ta manne wa. A nan anyone ta kama, su biyun tare su ne masu aikin, wato kusan ba wanda ya ci. Ba a ɗauko ta daga tsakiya an kawo gaba ba, nan ne gidanta, to me za a juya? Gwada mayar da ita kusa da aikatau. "Hardly had I sat down when the phone rang" tana komawa "I had hardly sat down", ma'ana ba ta motsa ba. A taki kuwa, kina raba ta da anyone zancen ya sauya.

Usman: Ni fa na juya tsaf a jarrabawar gwaji, "Hardly had we arrived that it rained", amma jan biro na sha. Ashe juyawar ma ba ta fisshe ni ba.

Malam Bello: Faransanci ne ya ja ka, ɗana. Kun saba da "À peine étions-nous arrivés que", sai hannu ya mayar da que ta zama that. Hardly da when take tafiya, No sooner kuma da than. Juyawarka ba ta da laifi.

Sani: Malam, ni na sha ganin hardly da than a rubutun Turawa da kansu.

Malam Bello: Ana samu, ban musa ba. Sai dai ni in ina duba takarda ba na ba ta maki.

Sani: To in masu harshen suna rubutawa, kuskuren na waye?

Hadiza: Ku bar wannan tukuna. "Hardly ever" fa, Malam, wane ɓangare take?

Malam Bello: Yi gwajin da kanki da "He hardly ever calls", ki turo in gani bayan la'asar.