Kuɗi sun tafi asusun da ba shi ake nufi ba: yaya ake dawo da su?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ƙanena ya tura naira 85,000 jiya da daddare, kuɗin buhun shinkafa, sai ga sunan wani daban a risit. Lambar ya duba, daidai take. Ta ina zai fara?

Bashir Kantin Kwari: Wa alaikumus salam. In lamba daidai ce amma suna ya bambanta, banki ya zaɓa ba daidai ba. Lamba goma ɗin nan tana iya faɗawa kan wani mutum a wani bankin, musamman irin su OPay da PalmPay da lambar waya ce lambar asusu, an cire sifilin farko kawai.

Malam Habibu: Hajiya, kada ya bari a kwana biyu. Ya buɗe risit ɗin ya nemo Session ID, lambobi 30 ne, da su ake gano turawar tsakanin bankuna. Ya kira bankinsa yanzu, gobe da safe kuma ya je reshe da takardar koke a rubuce: lambar asusunsa, lambar da kuɗin suka shiga da bankinta, adadi, rana da lokaci, da Session ID ɗin. Ya yi kwafi biyu, a buga masa hatimi a ɗaya ya riƙe, ya kuma karɓi lambar koke.

Bankinsa ne zai tuntuɓi bankin wancan mutumin. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2018 ta ce bankin mai karɓa ya riƙe daidai adadin kuɗin a asusun, sannan ya nemi amincewar mai asusun kafin a mayar. Shi ya sa nake cewa a yi sauri. Abin da ke cikin asusu ake riƙewa. In mutumin ya riga ya cire ko ya tura gaba, babu abin da za a riƙe, sai dai a bi shi bashi.

Auwalu: Ai ba sai an sha wannan wahalar ba, cikin awa 24 kuɗi suke dawowa da kansu.

Malam Habibu: Wannan na turawar da ta gaza ne, Auwalu, an cire maka amma ba su isa ko'ina ba. Nan kuwa kuɗi sun isa, asusun wani suka shiga, kuma da hannun mai su aka tura. Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum haka nan sai da yardarsa ko umarnin kotu.

Anti Rabi: In lambar waya ce ai sai ya sa sifili a gaba ya kira shi. Masu tsoron Allah suna nan.

Bashir Kantin Kwari: Anti, ya fara kai koke tukuna. Wani kana kiransa ka tuna masa, kafin ka ajiye waya ya kwashe.

Anti Rabi: Kai dai Bashir kowa ɓarawo ne a wurinka, zaman kasuwa ya ɓata ka.

Barista Zainab: In mai asusun ya ƙi amincewa, ko an kasa samunsa, sai kotu. Galibi kotun majistare ake zuwa: a yi takardar rantsuwa, a haɗa da risit da bayanin asusu mai nuna fitar kuɗin, lauya ya nemi umarnin a mayar. A tabbata sunan bankin mai karɓa, lambar asusun da adadin sun fito daidai a cikin umarnin, don harafi ɗaya ya kuskure sashen shari'a na banki zai dawo da shi. A fara tambayar kuɗin lauya da na kotu. A kan 85,000 ya cancanta, a kan 5,000 kuwa ɗawainiyar za ta fi kuɗin.

In kuma banki ne ya yi shiru, bayan mako biyu da kai koke a rubuta wa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, cpd@cbn.gov.ng, a sa lambar koken nan.

Sadiya: Ni kuma shigowa suka yi, 40,000, wani yana ta kira wai in tura masa ta wani asusu daban.

Barista Zainab: Kada ki tura, kada kuma ki taɓa su. 'Yan damfara suna haka da kuɗin sata, sawun ya ƙare a kanki. Ki je bankinki ki ba da izini a rubuce a mayar da su asusun da suka fito.

Maman Hanifa: Na gode ƙwarai. Yanzu yake gaya min wai a wurin mai POS ya tura, ba da wayarsa ba.

Malam Habibu: To ai magana ta canza. A wurin banki mai POS ɗin ne ya tura, shi zai shigar da koken ta kamfaninsa. Ƙanenki ya koma shagon da risit ɗin yau, ya tsaya a kansa har ya ga lambar koke.

Auwalu: In kuma mai POS ɗin ne ya zaɓi bankin da hannunsa fa? Wa zai biya?

Bashir Kantin Kwari: Ya danganta ko ya karanta masa sunan kafin ya danna.